Sakan talatin daga waƙar minti biyar: yadda ake yanko sautin kira

A cikin motar haya ne mutum ya fi gane wanda ya iya zaɓen sautin kira da wanda bai iya ba. Wayar wani za ta ɗauki ƙara, kowa ya ji amshin waƙa ya fito tangaran, mai ita ya sa hannu a aljihu ya amsa. Wayar wani kuwa tana can tana ta bin taken farkon waƙa a hankali, ga tambarin situdiyo, ga gaisuwar da mawaƙi ke yi wa makaɗinsa, kafin a kai inda murya za ta tashi mai kira ya gaji ya katse. Mai wayar bai ma san an kira shi ba, sai da yamma ya tarar da kira uku da bai ɗauka ba, ya ɗora wa sabis laifi.

Laifin ba na sabis ba ne. Ya ɗauki waƙa sukutum ya ɗora ta a matsayin sautin kira, ita kuwa waya daga farko take soma kunnawa. An gina waƙa ne domin mai sauraron da ya zauna, tana shiga a hankali tana hawa. Sautin kira kuwa, wanda a bakin mutane ake ce wa ringin, aikinsa ya fizgi kunne a sakan biyu ko uku na farko, a cikin aljihu, a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Abin da ke haɗa su shi ne yanka, kuma yankan yana da ƙa'ida.

Dabarar ta girmi wayoyin shafa da nisa. Sautin da aka fi sani a tarihin waya, wanda Nokia ta soma sakawa a wayoyinta a 1994, gutsure ne da aka ciro daga wani kiɗan jita mai suna Gran Vals, wanda makaɗin ƙasar Sifen Francisco Tárrega ya tsara a 1902. Kiɗan yana da tsawon mintuna, amma abin da aka ɗauka bai wuce 'yan sakanni ba, kuma daga ciki aka tsinko shi, ba daga bakin farawa ba. Waɗanda suka riƙe Nokia 3310 za su tuna yadda ake zama ana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya domin a haɗa sautin waƙa da hannu. Yau an huta da wannan wahala, amma tambayar da masu Nokia suka amsa ita ce dai take gaban kowa: wane wuri ne a cikin waƙar zai iya tsayawa da ƙafarsa?

Kafin a kai ga wannan, akwai rikicin suna da ya kamata a warware. Waƙar da mai kira yake ji a kunnensa yayin da yake jiran a ɗauka, wadda kamfanonin layi ke sayarwa suna cirar kuɗi duk mako ko duk wata, daban take. Tana zaune ne a wurin kamfanin, mai waya ba ya iya yanka ta. Wadda ake magana a nan ita ce ƙarar da ke fitowa daga lasifikar wayar mutum in an kira shi. Wannan fayil ne da ke cikin wayarsa, ba ya cin kati, ba ya bukatar data.

Tsawon sautin ba son rai ba ne, kira ne da kansa ya ƙayyade shi. Waya ba ta ringin har abada. A tsarin GSM, lokacin da ake iya saitawa kafin a karkatar da kiran da ba a ɗauka ba zuwa wata lamba yana tsakanin sakan 5 ne zuwa 30, yana hawa biyar-biyar. Ko da ba a karkatar da kiran ba, layi yana yanke shi da kansa bayan ɗan lokaci, kuma galibin mutane sukan ɗauka kafin a yi sakan goma. Ashe duk abin da ke bayan sakan talatin na farko kusan ba wanda zai taɓa jin sa. Kamfanin Apple ya mayar da wannan doka: sautin da aka tura cikin iPhone daga kwamfuta ba ya wuce sakan 40, wanda aka haɗa a cikin wayar da manhajar GarageBand kuwa sakan 30 ne iyakarsa. Android ba ta kafa iyaka ba, za ta karɓi waƙar minti goma ba ta ce uffan ba, wanda shi ne ya sa masu ita suka fi faɗawa cikin ramin da aka ambata a farko.

Don haka sakan 20 zuwa 30 shi ne filin wasan. Ƙasa da sakan goma yana gundura, domin waya za ta yi ta maimaita shi har ya zama kamar ƙarar injin niƙa.

A ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da take son amshin wata waƙar biki ya zama sautin kiranta. Waƙar tana wayarta a matsayin MP3, tsawonta minti 4 da sakan 50, irin waɗanda 'yan dawunlodin ke zuba wa mutane a memori. Ta buɗe ta a cikin manhajar yanka sauti. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, kuma kusan duk fasalinsu ɗaya ne, wanda tsohuwar manhajar Ringdroid ta yaɗa: hoton igiyar sauti a kwance kamar jerin tsaunuka, da maɗauri biyu da ake ja, ɗaya na farawa ɗaya na ƙarewa, da akwatuna biyu a ƙasa inda ake iya rubuta lokacin da lamba.

Hoton nan yana magana ga wanda ya iya karanta shi. Inda tsaunukan suka yi ƙasa, nan ne taken farko ko inda kiɗa ya lafa. Inda suka yi kauri suka cika allo, nan ne amshi, inda muryoyi da ganguna suka haɗu. A waƙar tata, sakan 14 na farko tambarin situdiyo ne da sarewa siririya, sai baiti na farko, sai amshin ya faɗo a minti 1 da sakan 12. Nan take so.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne ya ajiye maɗaurin farawa daidai inda ya ji gangar ta buga. Mawaƙi sau da yawa yakan riga gangar da gaɓa ɗaya ko biyu, ya ɗauko kalmar tun kafin bugun ya sauka. In aka yanka a kan bugun, an sare kan kalmar. Harufa masu taushi irin su s da sh da f da h sun fi shan wannan wahala, domin a hoton igiyar ba sa tashi sosai, ido yana ɗaukar su shiru ne. A Hausa kuwa gaɓa ɗaya tana iya juya magana gaba ɗaya. In layin ya fara da korewa, a ce misali "ba zan manta ba", aka datse "ba" ta farko, abin da jama'a za su riƙa ji a kasuwa duk lokacin da aka kira ta shi ne alkawarin mantawa. Maganinsa shi ne a buɗa hoton da yatsu biyu har sakan ɗaya ya cika faɗin allo, a nemo ɗan ramin da ke gaban kalmar, inda mawaƙin ya ja numfashi, a ajiye maɗaurin a cikinsa. Yawanci bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma na sakan kafin muryar ba. A saurara, a matsa kaɗan, a sake saurara. Nan ne aikin yake cin lokaci, kuma ya cancanci ya ci.

Kada kuma a bar shiru mai yawa a gaba. Rabin sakan na shiru a farkon sauti rabin sakan ne da waya ke ringin ba a ji.

Ƙarshen ma yana da nasa lissafi, domin in sautin ya ƙare kira bai katse ba, waya za ta koma farko ta sake kunnawa. Wutsiya za ta haɗu da kai. In an yanke a tsakiyar jimlar kiɗa, wurin haɗuwar zai yi tuntuɓe, kunne ya ji kamar mai rawa ya taka gefen zaninsa. Abin da ake so shi ne a yanke inda zagayen kiɗan ya cika.

Ga yadda mai atamfar za ta gane wurin ba tare da ta san ilimin kiɗa ba. Ta kunna amshin tana tafi tare da shi, tana duban agogo. A cikin sakan 15 ta yi tafi 25. Wato tafi 100 ke nan a minti, kowane tafi yana cin kashi shida cikin goma na sakan. Ta lura kowane layin amshin yana cin tafi takwas, wato sakan 4.8, kuma amshin layi huɗu ne, jimilla sakan 19.2. Yanzu zaɓi uku ne a gabanta. Ta tsaya a amshin kaɗai, daga sakan 72 na waƙar zuwa 91.2. Ko ta ɗauki amshin sau biyu, wanda zai kai sakan 38.4, ya yi wa GarageBand yawa kuma ba wanda zai ji ƙarshensa. Ko kuwa ta haɗa da ɗan kiɗan da ke biye da amshin, mai tsawon layi biyu, sautin ya zama sakan 28.8. Na ukun ya fi daɗi, domin kiɗan yana ba kunne hutu kafin murya ta dawo, kuma ya tsaya ƙasa da talatin, kowace waya za ta karɓe shi. Sai ta rubuta 72.0 a akwatin farawa da 100.8 a na ƙarewa, ta ja duka biyun baya da ɗan abin da ta ware wa numfashin mawaƙin.

Waƙoƙin gargajiya sun fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska. A waƙar Mamman Shata, shi ya bayar, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya cike tsakani, don haka gaɓoɓin a bayyane suke: a fara daga inda ya ɗauko layi, a tsaya inda 'yan amshi suka sauke. Matsalarsu ta wani wajen ce. Da yawa daga tsofaffin kaset aka kwafo su, sautin ya yi ƙasa, ga shuuu a bayansa.

Wannan ya kawo maganar ƙarfi. Lasifikar waya ƙanƙanuwa ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Dirin babbar ganga da bas ɗin da ke girgiza ƙirji a wurin biki suna ɓacewa kusan gaba ɗaya in sun biyo ta cikinta. Abin da take fitarwa da kyau shi ne murya, da sarewa, da algaita, da kaifin kalangu, da kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos. Wanda ya zaɓi wuri da abin sauraro a kunne yana iya ruɗuwa, ya ɗauki inda bas ya fi daɗi, ya cire abin kunnen ya tarar da ɗan ƙyas-ƙyas kawai. A lasifikar wayar ake zaɓe, ba a kunne ba.

In sautin ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi, amma da hankali. Manhajojin yanka da yawa suna da wurin ƙara ƙarfi zuwa ninki biyu ko uku. Waƙoƙin zamani tun daga situdiyo an riga an tura su har bakin iyaka, ƙari a kansu ba ya haifar da ƙarfi sai fashewa: kawunan igiyar su daki rufi su baje, murya ta riƙa karcewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ana gane shi da ido ma, in tsaunukan suka zama shafaffen bango mai lebur a sama da ƙasa. Ga mai kwamfuta, manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana da umarnin Normalize da ke ɗaga sautin har ya kusa rufin ba tare da ya taɓa shi ba. Tsohuwar waƙar kaset tana amfana da shi ƙwarai. Sabuwar waƙa galibi ba ta bukatarsa.

Sai lafawar shiga da ta fita, waɗanda a allo ake rubutawa Fade in da Fade out. Mutane suna son doguwar lafawar shiga saboda tana da daɗin ji, sauti yana tasowa a hankali kamar hantsi. Ga sautin kira asara ce, tana cinye sakannin da suka fi kowanne amfani. Ɗan ƙyaftawar ido ya isa, don kawai a kashe "ƙas" ɗin da ake ji in an yanke igiyar sauti a tsakiyarta. Ta fita kuwa rabin sakan zuwa ɗaya ya wadatar. In an dace da yanka a kan zagayen kiɗa sosai, ana iya barin ta gaba ɗaya.

Maganar nau'in fayil ita ta fi tsorata mutane, alhali ita ce mafi sauƙi. Android tana karɓar MP3 da M4A da OGG da WAV. MP3 a ma'aunin 128 kbps ya wadatar, sautin mai atamfar zai zo kusan kilobait 460, bai kai rabin megabait ba. Wanda ya zaɓi WAV zai sami fayil mai megabait biyar saboda ingancin da lasifikar waya ba za ta iya nunawa ba. Ɗaga ma'aunin zuwa 320 kuma ba ya gyara waƙar da tun asali ta sha matsa a hanyar turawa daga waya zuwa waya, abin da ya zube ya zube. Abin kiyayewa ɗaya ne: duk lokacin da aka sake adana MP3 yana rasa wani abu, don haka in yankan bai yi ba a koma kan asalin waƙar, kada a riƙa yanka yankakke. MP3 yana kuma da wata 'yar ɗabi'a ta ƙara shiru ƙanƙani a farko da ƙarshen fayil, wanda kunne mai kaifi zai ji a wurin maimaitawa. Wanda abin ya dama sai ya adana a OGG.

Wanda ya saba da rubuta umarni a kwamfuta yana iya gama dukan aikin da layi ɗaya na ffmpeg, inda 72 take wurin farawa, 28.8 kuma tsawon:

```
ffmpeg -ss 72 -t 28.8 -i waka.mp3 -vn -af "afade=t=out:st=27.8:d=1" -b:a 128k kira.mp3
```

Bayan yanka sai ɗorawa. A Android akwai jaka mai suna Ringtones a cikin ma'ajiyar wayar, duk abin da aka sa a cikinta yana bayyana a jerin sautukan kira. Daga nan sai Settings, sashen sauti, a zaɓa. Sunayen sassan suna ɗan bambanta tsakanin Samsung da Tecno da Infinix, amma hanyar ɗaya ce. Mai layi biyu ya duba da kyau, domin wayoyi da yawa suna ware wa kowane sim sautinsa, mutum ya saita na farko ya yi ta mamakin me ya sa kiran layi na biyu bai canza ba. Kiran WhatsApp ma a Android yana da nasa wurin saiti a cikin manhajar, ƙarƙashin Notifications. Wanda kuma yake son ya ba mahaifiyarsa ko maigidansa sauti na musamman, sai lambar tana ajiye a wayar ko a asusun Google, lambar da ke kan sim galibi ba ta karɓar wannan.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne sautin ya yi kwana biyu ya koma na kamfani da kansa. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: waya ba ta haɗiye sautin ba, hanyar zuwa wurinsa kawai ta riƙe. In fayil ɗin yana kan memori aka zare memorin, ko yana cikin jakar saukarwa wata manhajar share shara ta kwashe shi, ko aka canza masa suna, hanyar ta mutu, waya ta koma kan abin da ta sani. Shi ya sa ajiye shi a Ringtones ta cikin wayar ya fi kwanciyar hankali.

Su manhajojin yankan ma a sa musu ido. Neman izinin ganin fayilolin sauti daidai ne, haka ma izinin Modify system settings in ana so manhajar ta ɗora sautin da kanta. Wadda ta nemi karanta saƙonnin tes ko sanin inda mutum yake, ba yanka waƙa ya kawo ta ba.

Masu iPhone sun daɗe suna shan zagaye. Shekara da shekaru sai an mayar da sautin nau'in AAC, a canza wutsiyar sunansa daga .m4a zuwa .m4r, a jona waya da kwamfuta a tura. Hanya ta biyu ita ce GarageBand: a jawo waƙar daga Files zuwa kan layin aiki, a datse, a koma My Songs, a danne aikin, a zaɓi Share sannan Ringtone. Tarkon da ke nan shi ne sabon aiki yana buɗewa da gaɓa takwas kacal, waɗanda ba su kai sakan ashirin ba, sai an taɓa alamar + da ke saman dama an faɗaɗa, in ba haka ba waƙar za ta shigo a gutsure tun kafin a kai amshin. Da fitowar iOS 26 a 2025 abin ya yi sauƙi: fayil ɗin MP3 ko M4A da bai kai sakan 30 ba, ana iya buɗe shi a Files, a taɓa Share, a zaɓi Use as Ringtone. Sakan 28.8 na mai atamfar zai wuce nan ba gardama.

Akwai waƙar da ba ta yankuwa ko da wace manhaja. Wadda aka sauke a cikin Spotify ko Apple Music domin saurare ba data a kulle take, manhajar da ta sauke ta kaɗai ke iya buɗe ta, mai yanka ba zai ma gan ta a jeri ba. Sai fayil na sarari, wanda aka saya ko mawaƙin ya saki da kansa. Yanka wa kai sautin kira daga waƙar da mutum ya mallaka abu ne da ya tsaya a wayarsa. Tara irin waɗannan yankakku ana sayarwa kuwa shiga haƙƙin mai waƙa ne.

Ba waƙa kaɗai ake yankawa ba. Mutane da yawa sukan ɗora karatun Alƙur'ani ko kiran salla, da kyakkyawar niyya. Malamai da dama sun hana, ciki har da muftin Masar na lokacin, Ali Juma'a, a fatawar da ya bayar a 2010. Ɗaya daga cikin hujjojin masu hanin ta yi daidai da abin da aka gani game da "ba" ta korewa: mai ɗaukar kira yana katse ayar duk inda yatsansa ya sauka, ma'ana tana iya juyawa, ga shi kuma waya tana ringin a banɗaki. Ita ma waƙar ba ko'ina take shiga ba. Baitin da ya dace da ɗakin amarya yana iya tashi a sahun gaba na masallaci ko a zaman makoki, kuma mai wayar ba shi ke zaɓar lokacin da za a kira shi ba. Yana da kyau mutum ya saurari kalmomin sakan biyar na farko yana tunanin surukinsa na zaune kusa da shi.

Gwajin ƙarshe ba a allo ake yin sa ba. Mai atamfar ta jefa wayar cikin jaka, ta rufe zif, ta ce wa yarinyar shagonta ta kira ta, ta bar shi ya yi ringin har ya katse da kansa. Abu uku take saurare: ko kalmar farko ta fito cikakkiya, ko muryar ta ratso jakar ta rinjayi janaretan maƙwabta, da kuma yadda wutsiya ta haɗu da kai in sautin ya zagayo. In kalmar farko ta fito da guntun kai, ta koma kan asalin waƙar, ta ja maɗaurin baya da kashi ɗaya cikin goma na sakan, ta sake adanawa da sunan da fayil ɗin yake da shi, a jakar da yake.